Saƙonnin da suka ƙi wucewa a SQS: yadda ake tantance su kafin a mayar da su layi

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna tura bayanan biyan kuɗin oda ta Amazon SQS. Na duba layin matattun saƙonni na tarar da sama da dubu sun taru, kuma ban san dalili ba. Akwai maɓallin mayar da su babban layi. In danna kawai, ko akwai abin da ya kamata in fara yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka danna tukuna. Abin da za ka fara yi yau shi ne ƙara wa layin matattun, wato inda SQS ke kai saƙonnin da suka ƙi wucewa, wa'adin riƙe saƙo, domin agogo yana tafiya a kansu. SQS, sabis ɗin Amazon mai riƙe saƙonni a layi har manhaja ta ɗauka, yana ajiye saƙo kwana 4 ne idan ba a canza ba, kuma iyakarsa kwana 14. A layi na gama-gari, wanda ba FIFO mai kiyaye jerin shigowar saƙonni ba, ana ƙirga wa'adin ne daga lokacin da aka fara aika saƙon, ba daga lokacin da ya faɗo layin matattu ba. Saƙon da ya yi kwana ɗaya yana kai-kawo a babban layi, kwana uku kacal suka rage masa, daga nan a share shi ba tare da an sanar da kowa ba. Ma'aunin `ApproximateAgeOfOldestMessage` ba zai nuna maka wannan ba, don shi yana ƙirgawa ne daga lokacin da saƙon ya shigo layin matattun. Kai wa'adin ƙarshe:

```
aws sqs set-queue-attributes \
  --queue-url "$DLQ_URL" \
  --attributes MessageRetentionPeriod=1209600
```

Daƙiƙa 1,209,600 kwana 14 ke nan. Yanzu ka samu sararin yin aikin a tsanake.

Abin da SQS ya sani game da saƙon

SQS bai san saƙo ya lalace ba, bai san manhajarka ta ci karo da kuskure ba. Abu ɗaya yake ƙirgawa: sau nawa aka ɗauki saƙo ba a goge shi ba. Duk lokacin da manhajarka ta ɗauki saƙo, SQS yana ɓoye shi na wani lokaci, wato `VisibilityTimeout`, wanda asalinsa daƙiƙa 30 ne. Idan manhajar ta gama aiki ta kira `DeleteMessage`, magana ta ƙare. Idan ba ta kira ba, saƙon ya sake bayyana, wani ya sake ɗauka, ƙirgen ya ƙaru da ɗaya. Da ƙirgen ya wuce `maxReceiveCount` ɗin da aka sa a `RedrivePolicy`, sai a kai saƙon layin matattu yadda yake, babu wata takarda a jikinsa da ke faɗin abin da ya faru.

Wannan ne ya sa saƙonnin da ke can ba iri ɗaya ba ne, ko da sun taru wuri guda. Akwai lafiyayyu waɗanda suka zo a mummunan lokaci. Ka yi lissafi: ɓuyan daƙiƙa 30 da `maxReceiveCount` na 3 yana nufin saƙo yana ƙare damarsa cikin kusan minti ɗaya da rabi. Idan rumbun bayananku ya tsaya na minti 10, kusan duk abin da aka ɗauka a farkon wannan tsaikon zai gangara layin matattu, alhali babu abin da ya same shi. Akwai waɗanda tsarin rubutunsu ne manhajar ta kasa karantawa, su ko sau dubu aka gwada amsar ɗaya ce. Akwai kuma waɗanda suka fi haɗari: an yi aikinsu an gama, ko an yi rabi, amma ba a kai ga gogewa ba. Wannan yana faruwa idan aikin yana cin lokaci fiye da wa'adin ɓuya, ko manhajar tana mutuwa bayan ta rubuta a rumbu kafin ta goge saƙon.

Idan Lambda, sabis ɗin Amazon mai gudanar da manhajarka duk lokacin da saƙo ya zo, ita ce ke ɗaukar saƙonnin, akwai wata ƙofar. Tana ɗaukarsu ne a dunƙule, kuma idan guda ɗaya ya jawo kuskure, duk dunƙulen yana komawa layi, har da waɗanda aka gama aikinsu. Saƙo ɗaya mara kyau yana iya ƙara wa tara masu kyau ƙirge. Maganinsa a kunna `ReportBatchItemFailures`, manhajar ta riƙa mayar da lambobin waɗanda suka gaza kaɗai. Har ila yau, buɗe babban layi a allon AWS don leƙen saƙonni ɗauka ce a wurin SQS, tana ƙara ƙirge. Mai bincike da kansa yana iya tura saƙo layin matattu da yawan leƙe.

Kwafa su waje, sannan a rarraba

Ba a tantance saƙo dubu ta hanyar buɗe su ɗaya-ɗaya a allo. A kwafo su zuwa fayil ko tebur inda za a iya tacewa da ƙirgawa, ba tare da an goge ko ɗaya daga layin ba:

```
aws sqs receive-message \
  --queue-url "$DLQ_URL" \
  --max-number-of-messages 10 \
  --visibility-timeout 900 \
  --wait-time-seconds 20 \
  --attribute-names All \
  --message-attribute-names All
```

Kira ɗaya bai wuce saƙo 10 ba, kuma sau da yawa yana kawo ƙasa da haka, don haka za ka maimaita shi har sai ya dawo babu komai. Dalilin sa ɓuyan daƙiƙa 900 shi ne kada waɗanda ka riga ka kwafa su riƙa dawo maka kafin ka kai ƙarshe. Bayan minti 15 duk za su bayyana da kansu. A kowane saƙo ka adana jikinsa, da `MessageId`, da `SentTimestamp`, da `ApproximateReceiveCount`. Ka tuna bayanan biyan kuɗi ne, akwai sunaye da lambobin wayar mutane a ciki. Kwafin ya zauna inda aka killace shi, kada ya zagaya a zauren hirar ma'aikata.

Dalilin gazawar yana cikin rajistar manhajarka, kuma abin da ke haɗa su shi ne `MessageId`, wanda ba ya canzawa idan saƙo ya koma layin matattu. Idan manhajar tana rubuta shi a kowane layin kuskure, sai ka nemo kuskuren ƙarshe na kowane saƙo, ka tara su bisa irin kuskuren. Idan ba ta rubutawa, wannan ne gyaran farko da za ka yi, a yanzu kuma ka dogara da lokaci: jera `SentTimestamp` bisa awa. Saƙonnin da suka cunkushe cikin 'yan mintuna alamar wani abu ne ya tsaya a wajenku. Waɗanda ke ɗigowa kaɗan-kaɗan kullum, ko suka fara daga wata rana ba su daina ba, alamar matsalar tana jikin saƙon ne, kuma yawanci ranar farawar ta yi daidai da ranar da wani ya sabunta manhajar aikawa.

Bari mu bi misali guda har ƙarshe. A ce saƙonnin 1,240 ne, kuma aikin manhajar shi ne ta rubuta biyan kuɗi a rumbu, sannan ta tura wa mai saye saƙon tes. Bayan rarrabawa aka samu 1,100 sun gaza da kuskuren haɗuwa da rumbu, dukansu cikin rabin awa ɗaya. Guda 95 sun gaza wurin karanta adadin kuɗi. Guda 30 babu wani kuskure a rajista, kuma da aka duba rumbun an ga biyan kuɗinsu yana ciki. Sauran 15 suna magana ne a kan odar da aka riga aka soke.

Ka ga abin da dannawa kai tsaye zai haifar. Dubu da ɗari ɗin za su wuce. Casa'in da biyar ɗin za su sake cin damarsu su dawo inda suke, da sabuwar lamba wadda ba ta haɗuwa da tsohuwar rajista. Talatin ɗin za a rubuta kuɗinsu sau biyu. Sha biyar ɗin kuma suna iya tayar da odar da aka soke ta koma "an biya". An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ga yadda ɗaya daga cikin 95 ɗin yake, kusa da wanda manhajar ta saba gani:

```
{"oda_id": "A-5520", "adadi": 1250000, "kudi": "NGN"}
{"oda_id": "A-5521", "adadi": "12,500.00", "kudi": "NGN"}
```

Na farko lamba ce a kwabo, na biyu rubutu ne a naira mai waƙafi a tsakiya. Adadin ɗaya ne, naira 12,500, amma mai aikawa ya canza tsari bai sanar ba. A nan akwai zaɓi biyu: a koya wa manhajar karɓar tsarin biyu, ko a gyara saƙonnin da hannu a sake aikawa. Na fi son na farko matuƙar mai aikawar zai ci gaba da turo sabon tsarin, don gyaran hannu bai hana na gobe faɗowa ba. Kuma a yi hattara da gyaran gaggawa. Wanda ya cire waƙafin kawai ya mayar da rubutun lamba zai samu 12,500, manhajar ta ɗauke shi a matsayin kwabo, ta rubuta naira 125. Saƙon zai wuce lafiya, layin matattu ya zama fanko, kuskuren kuma ya koma cikin lissafin kuɗi inda ba ƙararrawar da za ta kaɗa.

Kafin a mayar da ko guda ɗaya

A nan aikin ya fi nauyi. Dole manhajar ta zama wadda idan aka ba ta saƙo ɗaya sau biyu, sakamakon bai bambanta da sau ɗaya ba. Layin SQS na gama-gari dama alƙawarinsa shi ne ya kai saƙo aƙalla sau ɗaya, don haka maimaici yana faruwa ko ba a yi mayarwa ba. Mayarwa tana ƙara yawansa ne kawai.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne amfani da `MessageId` wurin gane maimaici. Ba zai yi ba, domin saƙon da aka mayar daga layin matattu sabon saƙo ne a wurin SQS, da sabuwar lamba da sabon lokacin shiga. Mabuɗin ya fito daga cikin bayanan kansu: lambar biyan kuɗi, ko lambar oda idan sau ɗaya ake biyan kowace oda. A PostgreSQL, bayan an sa sharaɗin kada lambar ta maimaitu a teburin:

```
INSERT INTO biya (oda_id, adadi, an_tura_tes)
VALUES ($1, $2, false)
ON CONFLICT (oda_id) DO NOTHING;
```

Wannan ya hana rubutu sau biyu, amma ya buɗe wata matsalar da ba kowa ke lura da ita ba. A ce a karon farko an rubuta biyan kuɗin, sai manhajar ta mutu kafin ta tura tes. Da aka mayar da saƙon, manhajar ta ga layin yana nan, ta ce an riga an yi, ta goge saƙon. Mai saye ba zai taɓa samun sanarwa ba. Shi ya sa akwai `an_tura_tes` a teburin. Kowane mataki yana da alamarsa, kuma manhajar tana duba alamar matakin ne, ba kasancewar layin ba. Ga 30 ɗin misalinmu, wannan alamar ce za ta nuna waɗanda aka kammala gaba ɗaya, a goge su, da waɗanda suka tsaya a rabi, a ƙarasa musu. Ko da hakan, idan manhajar ta mutu tsakanin tura tes da sa alamar, mai saye zai samu tes biyu. Wannan ana iya jurewa. Idan matakin cire kuɗi ne ko mayar da kuɗi, sai a miƙa wa ɗaya ɓangaren mabuɗin da shi ma zai gane maimaici da shi, in yana karɓar irin wannan.

Matsala ta biyu ita ce tsufa. Saƙon da ya kwana uku a layin matattu yana ɗauke da labarin kwana uku da suka wuce, duniya kuma ba ta tsaya jiransa ba. Odar da yake cewa "an biya" wataƙila an soke ta jiya an mayar wa mai ita kuɗinsa. Don haka kowane sabuntawa ya zo da sharaɗi a kan siga, wato lambar da ke ƙaruwa duk lokacin da odar ta canza:

```
UPDATE oda
SET matsayi = $2, siga = $3
WHERE oda_id = $1 AND siga < $3;
```

Idan sigar da ke rumbu ta kai ko ta wuce ta saƙon, babu layin da zai canza, manhajar ta rubuta a rajista cewa saƙon ya tsufa, ta goge shi. Idan saƙonninku ba su da lambar siga, lokacin da abin ya faru a wurin mai aikawa yana iya tsayawa a madadinta. Guda 15 na odar da aka soke kuwa ba na manhaja ba ne. Kuɗi ya shigo a kan odar da babu ita, wannan mutum ne a sashen kuɗi zai yanke hukunci a kansa. A miƙa musu jerin, a rubuta wanda ya karɓa, sannan a goge saƙonnin.

A layin FIFO tsufan ya fi tsanani, don da zarar saƙo na uku ya faɗa layin matattu, na huɗu da na biyar na rukuninsa za su wuce, jerin da aka zaɓi FIFO dominsa ya karye. Inda jerin ya zama wajibi, layin matattu bai dace ba sai manhajar tana iya gane giɓi ta dakata.

Mayarwar kanta

Kayan mayarwa na SQS, ko maɓallin allo ko `StartMessageMoveTask`, ba ya tacewa kuma ba ya gyara saƙo. Abin da ya tarar yake kwashewa. Saboda haka sai ka fara fitar da 140 ɗin da ba ka so su bi ayari: ka tabbatar kwafinsu yana teburinka, sannan ka goge su daga layin matattu. `ReceiptHandle`, wato shaidar da ake goge saƙo da ita, ana samunsa ne a kowace ɗauka, don haka ƙaramar manhajar da za ta yi wannan ta sake ɗaukar saƙonnin, ta duba `MessageId` a jerinka, ta goge wanda ya dace nan take. Ka jira wa'adin ɓuyan sauran ya ƙare, ka ga `ApproximateNumberOfMessagesVisible` ya dawo kusan 1,100.

Kafin ka saki duka, gwada da kaɗan. Ɗauki biyar, aika su babban layi da hannu, ka bi kowanne har rumbu: adadin daidai ne, tes ya fita sau ɗaya, saƙon bai dawo ba. A duk mayarwar hannu a fara aikawa, a ga ta yi nasara, sannan a goge na layin matattu. Idan abu ya katse a tsakani, maimaici za ka samu, wanda ka riga ka yi maganinsa. In ka fara gogewa, asara za ka samu.

Sai gudu. A ce manhajarku tana iya cin saƙo 50 a daƙiƙa, zirga-zirgar yau da kullum tana cin 30. Sararin da ya rage 20 ne, ɗauki rabinsa:

```
aws sqs start-message-move-task \
  --source-arn "$DLQ_ARN" \
  --max-number-of-messages-per-second 10
```

Saƙo 1,100 a gudun 10 bai kai minti biyu ba, don haka babu ribar da gaggawa za ta kawo. Iyakar da za ka iya sawa ita ce 500 a daƙiƙa, idan kuma ka bar wurin babu komai SQS ne zai zaɓi gudun, shi kuwa bai san ƙarfin rumbunku ba. Rumbun da ya faɗi saboda nauyi shi ne zai sake faɗuwa idan aka juye masa tarin a lokaci guda, wannan karon har da sababbin odoji. Umarnin yana mayar da `TaskHandle`. Ajiye shi kusa, don da shi ake tsayar da aikin ta `cancel-message-move-task`, ana kuma ganin ci gabansa ta `list-message-move-tasks`. Yayin da yake tafiya ka sa ido a kan yawan kuskuren manhajar da shekarun saƙo mafi tsufa a babban layi. Idan ɗayansu ya fara hawa, tsayar. Waɗanda suka riga suka koma ba za su dawo ba, amma sauran za su tsaya inda suke.

Su 95 ɗin daga teburinka za ka aika su, bayan gyaran manhajar ya hau kuma ka gwada shi da ainihin jikin ɗaya daga cikinsu. Ka maƙala wa kowanne bayani biyu a `MessageAttributes`: tsohuwar lambarsa, da sau nawa aka mayar da shi. Ƙirgen SQS yana farawa daga sifili a kowace mayarwa, saboda haka in ba ka riƙe naka ba, saƙo ɗaya zai iya zagayawa tsakanin layukan biyu wata da watanni. Wanda ya dawo bayan mayarwa biyu kada a sake tura shi sai mutum ya buɗe shi ya karanta.

An gama ne idan lissafi ya rufe, ba idan layin ya zama fanko ba. Ɗauki lambobin oda 1,240 daga kwafinka, ka tabbatar kowace tana da matsayi ɗaya: an rubuta ta a rumbu, ko an tabbatar tun farko an yi ta, ko tana hannun sashen kuɗi.

Don kada su sake taruwa haka

Mafi yawan tarin misalinmu bai kamata ya kai layin matattu ba tun asali. Manhajar ta riƙa bambance kuskure iri biyu. Na ɗan lokaci, kamar rumbu bai amsa ba, a ƙara wa saƙon wa'adin ɓuya da `ChangeMessageVisibility`, ana ninkawa bisa `ApproximateReceiveCount`: daƙiƙa 30, 60, 120, 240, 480. Jimillarsu 930, don haka da `maxReceiveCount` na 6 gwajin ƙarshe yana zuwa ne bayan minti 15 da rabi, tsaikon minti 10 kuma ba zai kashe kowa ba. Na dindindin, kamar adadin da ba ya karantuwa, babu amfanin gwaji shida. Manhajar da kanta ta aika shi wani layi na daban tare da rubutun kuskuren, sannan ta goge asalin. Layi na daban ya fi, don kayan mayarwa na SQS an gina su ne a kan saƙonnin da shi ya kai da kansa. 

Wa'adin ɓuya kuma ya zarce aikin da ya fi kowanne daɗewa, ba matsakaici ba. Ga Lambda, shawarar AWS ita ce aƙalla ninki shida na wa'adin aikin Lambdar.

Ƙararrawar CloudWatch, sabis ɗin AWS na sa ido, ka ɗora ta a kan `ApproximateNumberOfMessagesVisible` na layin matattu, ta kaɗa da zarar ya wuce sifili. Kada ka ɗora ta a kan `NumberOfMessagesSent`, domin saƙonnin da SQS ya kai can da kansa ba sa shiga wannan ƙirgen, ƙararrawar za ta yi shiru layin yana cika.